Gulukos Ɗaya, ATP Nawa? Lissafin Ƙarfin da Jiki ke Samu daga Abinci

Ɗalibin da ya buɗe tsohon littafin bayoloji zai tarar an rubuta cewa gulukos ɗaya na ba da ATP 38. In ya buɗe sabo, sai ya ga 30 ko 32. Da yawa sukan haddace wadda malami ya fi so su wuce, kuma a ganina nan ne asarar take, domin wanda ya san inda kowace lamba ta fito ya riga ya fahimci darasin baki ɗaya.

ATP shi ne sinadarin da ƙwayoyin halittar jiki ke kashewa a duk wani aiki, daga bugun zuciya har ƙifta ido. Gulukos kuwa sukari ne mai kabon shida, wanda tuwo, shinkafa da rogo ke komawa bayan narkewa. Kafin ka fara lissafi, raba takardarka gida biyu kamar littafin ɗan kasuwa. Gida ɗaya na kuɗin hannu ne, wato ATP da aka samu nan take. Ɗayan na takardun bashi ne, wato NADH da FADH2, waɗanda ke ɗauke da ilektaron, sai an kai su wurin biya kafin su zama ATP. Yawancin kurakuran ɗalibai daga cakuɗa gidajen nan biyu suke tasowa.

Matakin farko shi ne gilaikolisis. A cikin ruwan ƙwayar halitta yake gudana, a waje da maitokondiriya, kuma ba ya buƙatar oksijin. Hawa goma ne, amma sai an kashe kafin a samu: ATP ɗaya a hawa na farko, wani a hawa na uku. Daga nan sukarin ya tsage biyu, kowane ɓari mai kabon uku, kowanne kuma ya samar da ATP biyu da NADH ɗaya kafin ya zama fairubet. An samu huɗu, an kashe biyu, saura biyu. Sai ka rubuta ATP 2 a gidan farko, NADH 2 a gida na biyu. Jajayen ƙwayoyin jini a nan suke tsayawa, don ba su da maitokondiriya. Shi ya sa jinin da aka ɗiba aka ajiye yake ci gaba da cin sukarinsa, har ma'aikacin ɗakin gwaji kan zuba shi a kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke da sinadarin fulorayid mai dakatar da gilaikolisis, don kada awon sukari ya fito ƙasa da gaskiya.

Akwai wata 'yar gada da ake yawan mantawa. Fairubet yana shiga maitokondiriya, a cire masa kabon ɗaya a matsayin CO2, abin da ya rage ya zama asetil-CoA, a samu NADH ɗaya. Fairubet biyu ne, saboda haka NADH 2.

Sai zagayen sitirik asid, wanda Hans Krebs ya bayyana a 1937 yana jami'ar Sheffield ta Ingila, ya kuma samu kyautar Nobel a kansa a 1953. Asetil mai kabon biyu yana haɗuwa da okzalo'asetet mai kabon huɗu, su zama sitiret mai shida. A hankali ake fizge kabon biyu su fita a matsayin CO2, har a dawo kan okzalo'asetet ɗin da aka fara da shi. Kowane zagaye na ba da NADH 3, FADH2 1 da GTP 1, wanda darajarsa ɗaya da ATP. Gulukos ɗaya zagaye biyu yake yi, don haka a ninka: NADH 6, FADH2 2, ATP 2.

Tsaya nan ka duba takardarka. Kabon shidan nan duk sun fita, su ne ma muke fitarwa a numfashi. Gulukos ya ƙare ƙurmus, amma ATP 4 kacal ke hannu. Sauran ƙarfin duk yana cikin NADH 10 da FADH2 2.

Wurin biyan yana jikin fatar ciki ta maitokondiriya. A nan furotin huɗu suke jere, ana kiransu rukuni na ɗaya zuwa na huɗu, suna miƙa wa juna ilektaron har ya isa ga oksijin, wanda ke karɓarsa ya zama ruwa. Yayin wannan miƙe-miƙe, uku daga cikinsu suna tura furoton, wato H+, zuwa ƙetaren fatar. Furoton ya taru a can, ba shi da hanyar komowa sai ta cikin inzayim mai haɗa ATP, wanda juyawa yake yi a zahiri idan furoton na ratsa shi. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961. An daɗe ana ja da shi, amma a 1978 aka ba shi Nobel.

To ga inda lambobin suka rabu. NADH yana shiga ta rukuni na ɗaya, a tura furoton 4 a nan, 4 a na uku, 2 a na huɗu, jimla 10. FADH2 yana shiga ta rukuni na biyu, wanda ba ya tura komai, don haka 6 kawai yake samarwa. Kowane ATP kuwa yana cin furoton kusan 4: uku wajen haɗa shi, ɗaya wajen shigo da fosfet. Goma a raba huɗu, 2.5. Shida a raba huɗu, 1.5. Yanzu a tara: NADH 10 sau 2.5 ya ba da 25, FADH2 2 sau 1.5 ya ba da 3, a ƙara 4 na hannu, ya zama 32. Tsofaffin littattafai sun ɗauki 3 da 2 ne a maimakon 2.5 da 1.5, shi ne suka samu 30 da 4 da 4, wato 38. Matakan ba su canja ba, farashin ne aka gyara bayan an auna furoton da kyau.

Ina kuma 30 ta fito? NADH biyun nan na gilaikolisis a waje aka samar da su, kuma ba sa iya ratsa fatar ciki. Sai dai a karɓi ilektaron ɗinsu a shigar. A hanta da zuciya, hanyar malet da asfatet ke shigar da su, a biya 2.5 cikakke. A tsokar jiki da ƙwaƙwalwa an fi bin hanyar gilisarol fosfet, wadda ke miƙa su ga FAD, sai a biya 1.5. Kowanne ya rasa ɗaya, 32 ta koma 30.

Hanya mafi kyau ta gwada fahimtarka ita ce ka toshe wuri ɗaya ka bi abin da zai faru. Gubar sayanaid, wadda rogo mai ɗaci ke saki in ba a jiƙa shi an shanya shi yadda ya kamata ba, tana toshe rukuni na huɗu. Ilektaron ya rasa mai karɓa, NADH ya taru, NAD+ ya ƙare, zagayen Krebs ya tsaya duk da cewa shi kansa ba ya taɓa oksijin. Ƙwayar halitta ta koma mai da fairubet laktet don ta samu NAD+ ɗin ci gaba da gilaikolisis, da ATP 2 a madadin 30. Shi ya sa laktet ke hauhawa a jinin wanda gubar ta kama, jinin da ke komawa zuciya kuma ya kan kasance jawur, domin oksijin na nan amma jiki ya kasa amfani da shi.

Idan ka shiga jarrabawa, kada ka rubuta lamba tsurarta. Faɗi farashin da ka ɗauka, 2.5 da 1.5 ko 3 da 2, faɗi hanyar da NADH na waje ya bi, sannan ka tara a gaban mai duba takardar.