Sukuru Ya Ƙi Fita? Kada Mu Fasa Katako

Sukuru da bakinsa ya cinye, yawanci sukundireba ce ta cinye shi. In ta yi ƙarama, ko kuwa bakinta ya dakushe, sai ta riƙa zamewa, kowace zamewa kuma tana ɗebe ɗan ƙarfe. Saboda haka in ta zame sau biyu, mu dakata. Ƙarfin tuwo ba shi da amfani a nan.

Bari mu ɗauki ƙofar ɗakin ajiyar hatsi. Hinji yana da sukuru uku, biyu sun fita, na ukun ya yi tsatsa ya kafe. Da fari mu ƙanƙare fenti da tsatsa daga cikin tsagar da tsinin ƙusa. Mu nemi sukundireba wadda faɗinta ya cika tsagar, mu gyara bakinta da magagari ya zama miƙaƙƙe. Mu kafa ta, mu buga ƙotarta da guduma sau uku ko huɗu, ba da ƙarfi ba, domin tsatsar ta saki. Sa'an nan mu danna da nauyin jikinmu, mu juya dama kaɗan kamar za mu ƙara ɗaurewa, kāna mu juya hagu a hankali. In tana zamewa har yanzu, mu shimfiɗa siririyar roba a kan sukurun, ta cika gurbin da ya cinye.

Zafi ma yana taimako. Mu gasa babbar ƙusa a garwashi, mu riƙe ta da filaya, mu ɗora a kan sukurun kaɗai kamar minti ɗaya. Ƙarfen zai kumbura ya matsa katako, in ya huce sai ya sassauta. In mun ji ƙaurin katako, zafin ya yi yawa.

Waɗansu sukan yanka sabuwar tsaga da zarton ƙarfe. Dabara ce mai kyau, amma sai in kan sukurun ya ɗago sama. Wanda ya nutse cikin hinji, zarto ba zai kai gare shi ba sai ya yanki hinjin. A nan sai mu je wurin kafinta mai abin huda ƙarfe, ya huda tsakiyar kan sukurun har kan ya rabu da jikin. Hinji zai ɗago, guntun ya leƙo kaɗan. Mu kama shi da filaya mu murɗa hagu. Kada mu fizge, kada kuma mu ɓanɓare da guduma, gama haƙoran sukurun za su yago katako, sabon sukuru kuwa ba zai sami abin kamawa ba.

In aikin ba na gaggawa ba ne, a bari sai hunturu. Da damina katako yakan sha laima ya matse sukuru. Ramin da ya yi faɗi kuma, mu cusa ɗan tsinken katako da gam, ya kwana, sa'an nan mu goga sabulu a sabon sukuru kafin mu ɗaura.