"An Kwana Biyu": Idan Tambaya ta Biyu Ma Ba ta Samu Amsa Ba

A ɗauka wani dattijo ya zo asibitin sha-ka-tafi yana tari. Ma'aikaciyar lafiya ta tambaye shi yaushe tarin ya fara, ya ce ya daɗe. Ta nemi ƙarin bayani: "Baba, kamar kwana nawa?" Ya ce, "To, 'yata, an dai kwana biyu." Amsa ta biyu ba ta fi ta farko haske ba, ga mutane a layi suna jira.

Adadin kwanakin nan yana da nauyi. A ƙa'idar da ake bi a asibitocin Najeriya, wanda ya yi mako 2 ko fiye yana tari ana tura shi gwajin kaki domin a duba ko tarin fuka ne. Tarin kwana 3 kuwa sau da yawa mura ce. Don haka idan ma'aikaciyar ta rubuta kwana biyu kamar yadda ta ji, tana iya sallamar mai cutar da zai koma gida ya yaɗa wa jikokinsa.

Maimaita tambayar yadda take, ko da ƙarfin murya, ba ya haifar da komai sai fushi. Dattijon ba ya ƙirga kwanakin ciwo, shi ya sa bai ba da lamba ba. Abin da yake riƙe da shi a ka shi ne abubuwan da suka faru. Sai ta jingina tambayar da su: "Baba, Juma'ar da ta wuce kuna tarin nan a masallaci? Wadda ta gabace ta fa? Da Sallah fa, ya riga ya fara?" Mutumin da ya kasa faɗin kwanaki yakan tuna sarai cewa tari ya hana shi barci daren sunan jikarsa, ko ranar da aka ci kasuwar garinsu. Lissafin kwanakin kuma ya koma hannun mai tambaya, inda ya kamata ya kasance tun farko.

Akwai tarko a nan, kuma ina ganin shi ne mafi haɗari. Idan ta gaji ta ce, "Bai kai mako biyu ba ko?", dattijo mai kawaici zai ce "eh" don kada ya musa wa likita. Wannan amsar tata ce, ta dawo mata ta bakinsa. Ana gane haka idan mutum ya amsa "eh" ga tambayoyi biyu masu karo da juna. Maganinsa a ba shi zaɓi biyu da nauyinsu ɗaya: kafin Sallah ne, ko bayan Sallah? Ya zaɓa da kansa.

Wani lokaci kuma ba amsa mai duhu za a samu ba, shiru za a yi, ko a kauce. Ta tambaya ko yana ganin jini a kaki, sai ya shiga labarin ciwon baya. Mai yiwuwa bai ji ba, domin kunnen tsofaffi yakan yi nauyi. Mai yiwuwa kuma ya ji sarai, yana tsoron a ce tarin fuka ne a gaban ɗansa ko surukarsa da suka rako shi, ya san yadda ake ƙyamar masu cutar har a ware musu kwano. Kada ta bi shi zuwa ciwon baya ta manta da tambayarta. Ta karɓi abin da ya ce, ta yi alkawarin za a duba, sannan ta roƙi 'yan rakiya su ɗan jira a waje. Daga nan ta faɗi dalilin tambayar a fili: "Baba, ina tambaya ne don akwai gwajin da ake yi kyauta, kuma idan cutar ce, maganinta ma kyauta ne, ana warkewa bayan wata 6 ana sha." Mutane da yawa suna buɗe baki ne bayan sun san abin da za a yi da amsarsu.

Daga baya tana iya tambayar ɗan rakiyar, da izinin dattijon, ko ya lura mahaifinsa ya rame ko yana jiƙa shimfiɗa da gumi da dare. Mai kwana kusa da mara lafiya yakan ga abin da shi kansa bai lura da shi ba.

Idan duk wannan bai fitar da komai ba, tambaya tana da iyaka. Sau biyu ko uku da salo daban-daban sun isa, fiye da haka ya zama tuhuma. Abin da ya rage shi ne ta auna wane kuskure ne ya fi tsada. Gwada kakin mai mura asarar ɗan lokaci ce, sallamar mai tarin fuka kuwa tana iya cin rai. Sai ta faɗa masa abin da ta ɗauka, "Baba, zan lissafa tarin nan ya wuce mako 2, idan ba haka ba ne ku gyara mini," ta rubuta a kati cewa ba a tantance ranar farawa ba domin wanda zai duba shi gaba ya sake tambaya, sannan ta ba shi robar kaki ta nuna masa inda zai kai.