Yatsa shida a hoton talla: yadda ake gyara wurin kaɗai

A ce mai tsara talla ya haɗa hoton kwalbar turare da manhajar Stable Diffusion. Haske ya zauna, kwalba tana ƙyalli, mai kaya ya amince, sai aka lura hannun da ke riƙe da ita yatsu shida gare shi. In aka sake haɗa hoton daga farko, fuskar matar za ta canza, kwalbar ma haka, a koma neman amincewa. Shi ya sa masu wannan sana'a ke buɗe sashen `Inpaint`, inda ake shafe wurin da ya lalace kaɗai, manhaja ta sake zana shi tana duban abin da ke kewaye.

Dabarar ta girmi wannan yayi. Photoshop ya zo da Content-Aware Fill a 2010, wanda ke kwaso launi da zane daga gefe ya toshe gurbi. Generative Fill na 2023 kuwa sabon abu yake ƙirƙirowa bisa umarnin da aka rubuta.

Aikin yana farawa da shafe hannun, kuma gwanaye sukan ɗan wuce iyakarsa har zuwa wuyan hannu, domin sabon zanen ya sami inda zai haɗe da tsoho. Umarnin hannun kaɗai zai bayyana: hannun mace, yatsu biyar, riƙe da kwalba. Wanda ya bar tsohon umarni na dukan hoton yana iya tarar da ƙaramar fuska ta ɓullo a tafin hannu.

Sai ma'aunin `Denoising strength`, daga 0 zuwa 1. A 0.2 yatsan na shida ba zai gusa ba. A 0.9 manhaja takan yi watsi da asali, ta kawo hannun da bai dace da jikin ba. Don haka akan fara wajen 0.5, a fitar da samfuri da yawa a zaɓa. Wasu sukan fara goge yatsan da burushi, sannan su bar manhaja ta daidaita fata. Zaɓin `Only masked` kuma yana sa ta faɗaɗa wurin kafin ta zana, abin da ke ƙara kaifi a ƙaramin gurbi.

Gyaran da bai yi ba a baki yake tona kansa, kamar faci a jikin shadda. A zuƙo hoton a duba: launin fata ya sha bamban? Inuwar yatsu ta bi inda hasken ya fito? Wurin ya fi sauran santsi? In layin haɗi ya bayyana, a ƙara `Mask blur`.

Tambari da rubutun kwalba kam ba a bar wa manhaja, domin takan murɗe haruffa. Ana kauce musu wajen shafawa, in kuma sun taɓu, a ɗora na asali daga fayil ɗin kamfani kafin a kai wa mai bugawa.