Yadda za ka gano sharuɗɗan da aka sauya a takardar kwantaragi

Mai karatu, a ce kana da motar ɗaukar kaya, kuma wani ɗan kasuwa yana son ka riƙa kai masa kaya daga Arlit zuwa Assamakka, tafiyar wajen kilomita 200. Ya aiko maka da takardar kwantaragi ta PDF a wayarka, kuka tattauna a kanta. Bayan mako guda ya aiko da ta biyu domin ka sa hannu. Kafin ka sa, wajibi ne ka gwada ta da ta farko.

Ka fara da ƙidaya sharuɗɗa. A takardar Faransanci, kowane sharaɗi yakan fara da kalmar Article da lambarsa. A misalinmu, ta farko tana da sharuɗɗa 12, ta biyu kuwa 13, wato an ƙara guda. Idan an cusa sabon a lamba 7, to tsohon sharaɗi na 7 ya koma na 8, na 8 ya koma na 9. Saboda haka kada ka gwada lamba da lamba. Ka gwada sharuɗɗan da ke magana a kan abu ɗaya.

Sannan ka buga takardun biyu, ka samu abokin karatu. Shi ya karanta ta farko da ƙarfi, kai kana bin ta biyu da yatsa, kana ja layi duk inda suka saɓa. Ku dakata a kan kuɗi, kwanaki, da wanda nauyi ya hau kansa. A misalinmu, kuɗin kowace tafiya yana nan, sefa 300.000. Amma wa'adin biya ya tashi daga kwana 15 zuwa 45, kuma sabon sharaɗi na 7 ya ɗora maka kuɗin mai. Kalma ɗaya ma tana juya ma'ana: doit tilas ne, peut kuwa ganin dama.

Idan akwai kwamfuta, manhajar Word tana taimakawa. A buɗe kowace PDF a cikinta, a ajiye ta a matsayin takardar Word. Sai a shiga Révision, a danna Comparer, a zaɓi tsohuwar da sabuwar. Abin da aka cire zai fito da layi a tsakiyarsa, abin da aka ƙara da layi a ƙarƙashinsa.

Sai dai wannan hanya tana da iyaka. Idan hoton takardar aka ɗauka, kwamfuta ba za ta gwada kalmomin daidai ba. Alamar ita ce, ba za ka iya zaɓar kalma ɗaya ka kwafe ta ba. A nan sai ka koma ga karatu da ido.

Duk sauyin da ba ku yi shawara a kansa ba, ka nemi a gyara shi a rubuce. Bayan an gyara, ka sake gwadawa, sannan ku biyu ku sa hannu a kowane shafi, kowa ya riƙe kwafinsa.