Allon Labarin Talla: Yadda Ake Rubuta Umarnin da Zai Tsare Fuska da Haske daga Ɗauka zuwa Ɗauka

Allon labari jerin zane-zane ne da ake tsarawa kafin a kunna kyamara, kowane zane yana wakiltar ɗauka guda, yana nuna wanda zai fito, da inda kyamara za ta tsaya, da gefen da haske zai faɗo. Tsarin ya samo asali a kamfanin Walt Disney a farkon shekarun 1930, kuma tun daga lokacin masu fim da masu talla suka riƙe shi, domin gyara a takarda ya fi gyara a filin ɗauka arha. Abin da ya sauya tun daga 2022, shekarar da manhajojin Midjourney da Stable Diffusion suka isa hannun jama'a, shi ne matashin da ke haɗa wa 'yan kasuwa gajeren talla a Gusau ba ya buƙatar iya zane, sai dai ya rubuta wa manhajar ƙirƙirarriyar basira umarni, wato bayanin hoton da yake so, ita kuwa ta zana. A Zamfara amfanin wannan ya wuce rage kuɗi, saboda matsalar tsaro ta sa fita da kyamara da ma'aikata zuwa karkarar Tsafe ko Bunguɗu ba abu ne da ake yi sau biyu don gyaran kuskure ba.

Matsalar da kowa ke cin karo da ita tana bayyana tun a hoto na biyu. Matar da ta fito da zagayayyar fuska da shuɗin hijabi a hoton farko sai ta dawo doguwar fuska da ɗankwali, rana kuma da ke dama ta koma hagu. Dalili shi ne manhajar ba ta tuna hoton da ta zana ɗazu. Kowane hoto tana fara shi ne daga tarin ɗigo-ɗigo marasa tsari, tana tace su mataki-mataki har su dace da kalmomin da aka ba ta, kuma duk abin da umarnin bai ambata ba sai ta cike shi da abin da ya fi yawa a hotunan da aka horar da ita a kansu. Da yake hotunan Hausawa kaɗan ne a cikin wannan tari, giɓin da aka bari yakan cika da tufafin wasu ƙasashe ko da fata mai haske fiye da wadda ake nufi. Saboda haka aikin da mai kula da ci gaban shiri yake yi a fina-finan Hausa, wato tabbatar da cewa hular jarumi ba ta sauya tsakanin fitowa da fitowa ba, ya koma kan mai rubuta umarni gaba ɗaya.

A ɗauki misalin tallar man gyaɗa mai tsawon daƙiƙa 30, wadda za a yaɗa ta WhatsApp da TikTok, don haka hotonta a tsaye yake bisa ma'aunin 9:16. An raba ta ɗauka shida, kowace kimanin daƙiƙa biyar: gonar gyaɗa a gindin dutsen Kwatarkwashi da ke ƙaramar hukumar Bunguɗu, hannun mace tana matse tunkuza a tsakar gida a Tsafe, faffaɗar ɗauka ta rumfa a kasuwar Gusau, fuskar mai sayarwa, fuskar saurayin da ya zo saye, sai kwalbar man ita kaɗai. Mutum biyu ne ke maimaituwa, kuma haske ɗaya ake so ya ratsa duka, wato hasken hantsi a lokacin hunturu.

Ƙa'idar farko ita ce a raba umarni gida biyu, ɓangaren da ba ya sauyawa da ɓangaren da ke sauyawa. Na farkon ya ƙunshi siffar mutum da yanayin haske, ana rubuta shi sau ɗaya, a adana, a riƙa kwafo shi harafi da harafi zuwa kowane hoto. Da Turanci ake rubuta shi, domin manhajojin sun fi fahimtarsa nesa ba kusa ba:

```
Hausa woman, age 40, dark brown skin, round face, small gap
in upper front teeth, plain indigo waist-length hijab, no jewellery.
8 am, dry season dust haze, low warm sun, long soft shadows.
```

Kowace kalma a nan tana toshe wata kafa ce. An ambaci wushirya saboda alama ce da ido ke saurin ganewa idan ta ɓace, an ƙayyade tsawon hijabin zuwa ƙugu saboda manhajar takan mayar da shi mayafi ko ɗankwali, an kuma ce babu ado don kada awarwaro ya bayyana a wani hoto ya ɓace a na gaba. Launi guda mara zane aka zaɓa da gangan. Atamfa mai fure, da aikin wuyan babbar riga, da zanen lalle a hannu, duk abubuwa ne da manhajar ba ta iya maimaitawa daidai, kuma mai hikima yakan cire su daga tallar tun a takarda, ko da sun fi kyau a ido. Haka nan sauya kalma da 'yar'uwarta, kamar a rubuta `indigo` a hoto na uku sannan `dark blue` a na huɗu, ya isa ya haifar da hijabi biyu. Sanya wa matar suna a cikin umarni kuwa ba ya ƙara komai, tun da manhajar ba ta san mai sunan ba.

Batun haske ya fi wannan zurfi, kuma a nan ne yawancin allunan ke lalacewa. Kuskuren da aka saba yi shi ne a saka gefen da rana take cikin ɓangaren da ba ya sauyawa, a rubuta cewa haske daga dama yake a dukkan hotuna, ana zaton hakan ne daidaito. Alhali rana tana tsaye ne a wurinta a sama, kyamara ce ke yawo, don haka gefen hasken a cikin hoto dole ya sauya duk lokacin da kyamara ta juya. Hanyar da ta dace ita ce a fara zana taswirar rumfar a takarda daga sama, a sa alamar gabas, sannan a dasa mutane da kyamara. A wannan misali mai sayarwa tana zaune a arewa tana fuskantar kudu, saurayin yana tsaye a kudu yana fuskantar arewa, rana kuma tana gabas. A ɗauka ta huɗu kyamara tana kallon arewa don ta kama fuskar matar, gabas ta faɗo a daman hoto. A ta biyar kyamara ta juya kudu, sai gabas ta koma hagun hoto. Ga yadda ɓangaren da ke sauyawa zai kasance:

```
4: close-up, she looks to frame left, sun from camera right
5: close-up, he looks to frame right, sun from camera left
```

Gwajin yana da sauƙi: kuncin matar na hagu ne ya kamata ya kasance a haske a duk inda ta fito cikin rumfar, na saurayin kuwa na dama. Da zarar aka ga hasken ya tsallaka ɗaya kuncin, hoton ya karya taswira, sai a jefar da shi komai kyansa. Wannan yana tafiya tare da tsohuwar dokar masu fim ta digiri 180, wadda ta ce a ja layi tsakanin mutum biyu masu magana, kyamara ta zauna a gefe ɗaya na layin har fitowar ta ƙare. A nan kyamara tana gefen gabas, shi ya sa matar take daman hoto tana duban hagu, saurayin yana hagu yana duban dama. Idan aka tsallaka layin, sai a ga su biyun suna duban gefe guda kamar ba da juna suke ciniki ba.

Zaɓen lokaci da yanayi ma yana da dalili. Gusau tana kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka ranar tsaka tana hawa sama sosai, ko a watan Disamba da ta fi yin ƙasa tana kaiwa kimanin digiri 55. Irin wannan haske yana jefa inuwa cikin kwarmin ido, yana ƙona farin tufafi, yana kuma ɓoye kamannin baƙar fata. Hantsin hunturu ya fi alheri, domin hazo yana tausasa hasken, sama ta yi fari-fari, nesa ta dushe. Idan ba a ambaci hazon ba, manhajar za ta kawo shuɗiyar sama da korayen ciyayi irin na damina a hoton gona, sannan ta kawo ƙura a hoton kasuwa, tallar ta zama yanayi biyu a cikin daƙiƙa 30. Masu aikin kyamara suna auna launin haske da ma'aunin Kelvin, inda 5600 ke nufin farin hasken rana, 3200 kuma jan hasken ƙwan fitila. Yana da kyau a rubuta lambar a gefen allon don amfanin mai ɗauka, amma manhajar zane ta fi jin kalmomi irin su `warm` da `soft` fiye da lamba.

Kalmomi kaɗai ba sa riƙe fuska, ko da an kwafe su daidai, domin mata dubu ne suka dace da bayanin da ke sama. Mataki na gaba shi ne a fara samar da hoton matar ita kaɗai a gaban bango mara ado, ta gaba da ta gefe, a nuna wa mai tallar ya amince, sannan a riƙa haɗa wannan hoto da kowane umarni a matsayin madogara. Midjourney ta ƙara `--cref` a 2024 don wannan aiki, tare da `--cw` mai lamba daga 0 zuwa 100, inda 0 ke riƙe fuska kawai, 100 kuma ta haɗa da tufafi. Sunayen irin waɗannan umarnai suna sauyawa da sabon zubi, amma dabarar ɗaya ce a sauran manhajoji. Dutsen Kwatarkwashi ma haka yake, rubuta sunansa ba zai kawo shi ba, sai an ba da hotonsa na gaske. Akwai kuma `--seed`, lambar da ke ƙayyade ɗigo-ɗigon da zane ke farawa daga gare su, wadda mutane da yawa ke ɗora wa buri fiye da ƙarfinta. Tana maimaita hoto ne idan umarnin bai sauya ba, amma da an sauya kusurwar kyamara sai fuskar ta iya sauyawa tare da ita.

Kwalbar man, wadda dominta aka yi tallar, ita ce ba za a bar wa manhaja ba. Rubutun jikin kwalba yakan fito a karkace, haruffan ƙ da ɗ da ɓ kuwa sun fi shan wahala, har “gyaɗa” ta koma wata kalma da ba ta da ma'ana. Daidai shi ne a ɗauki hoton kwalbar ta gaske da waya, da hantsi, rana tana daga gefen da taswira ta nuna, a ɗora shi a ɗauka ta shida. Haka kuma bai halatta a ɗauki hoton wata mata ta gaske a mayar da shi madogara ba tare da izininta ba, ballantana a gari irin Tsafe inda kowa zai gane ta.

Kafin a kai allon gaban mai talla, a jera hotunan shida a layi ɗaya, a ƙanƙanta su, domin bambancin launin fata da na sama ya fi fitowa idan hotuna suna kusa da juna. A bi su sau uku, kowane zagaye ido yana kan abu guda: fuska da hijabi, sai inda inuwa ta kwanta, sai inda kowa ke duba. Wanda zai mayar da hotunan bidiyo ta manhaja ya sani cewa kowane kuskure da ya tsallake wannan bincike zai ƙaru ne idan hoto ya fara motsi, kuma fuska takan ƙara kaucewa yayin da daƙiƙoƙi ke tafiya, shi ya sa ɗauka mai daƙiƙa biyar ta fi mai goma aminci. Hoto guda da ya saɓa wa taswira a sake shi nan take, tun kafin a biya kuɗin murya da na tacewa.