Kuɗin hidima a gidan bene: a nemi lita kafin a nemi ragi

A ƙarshen shekara takarda kan iso hannun masu haya a gidajen bene na Abuja da Legas, har ma da wasu sababbin gine-gine a Kano da Kaduna. Ba ta kuɗin haya ba ce, ta kuɗin hidima ce, wato abin da mazauna gida ke haɗawa domin janareta, gadi, kwashe shara, ruwa da tsaftar harabar da kowa ke amfani da ita. Yawancin mutane idonsu kan faɗa ne kan jimillar da ke can ƙasa. Sai rai ya ɓaci, a kira manaja a ce kuɗin sun yi yawa, shi kuwa ya amsa da cewa komai ya yi tsada a ƙasar nan. Daga nan magana ta mutu, domin gaskiya ya faɗa, komai ya yi tsada.

A ganina, jayayya kan jimilla ɓata lokaci ce. Kowane layi a takardar nan abu biyu ne aka haɗa: yawan abin da aka yi amfani da shi da kuma farashinsa. Farashi kowa na iya tambayarsa a kasuwa. Yawan shi ne abin da ba a cika rubutawa ba, kuma a can ƙari yake ɓuya.

Bari mu ƙaddara wani bene a Abuja mai gidaje 12, biyu daga ciki babu kowa. Alkaluman nan na misali ne, na zaɓe su domin lissafi ya fito fili. Takarda ta zo da jimillar naira miliyan 50 da dubu 600 na shekara guda. A ciki man dizal kaɗai ya ci miliyan 32 da dubu 400. Ragowar ta rabu tsakanin sabis na inji, masu gadi, shara, ruwa, fentin bango, wani layi na ƙananan abubuwa, da ladan manaja kashi 10 cikin 100. Tun da kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin a tankin mai suka shiga, daga can ya dace a fara, kada a tsaya ciniki kan kuɗin tsintsiya.

Tambayar farko ita ce: lita nawa aka saya, kuma a kan nawa? A ce manaja ya amsa cewa lita 27,000 ce, kowace a kan naira 1,200. Lissafin ya yi daidai da abin da ke takarda, amma bai nuna cewa injin ya sha man ba. Wannan sai an sauka ɗakin janareta. Kusan kowane babban janaretan dizal yana da agogo a allonsa mai ƙirga awannin da ya yi yana aiki, kuma ba ya komawa baya sai in an taɓa shi ko an canza allon. Masu kula da inji kan rubuta lambar a littafi duk lokacin da aka kunna ko aka kashe, kanikawa ma suna rubuta ta a takardar sabis. A misalinmu agogon ya nuna 6,200 a farkon Janairu, ya nuna 7,700 a ƙarshen Disamba. Injin ya yi awa 1,500 ke nan, kimanin awa huɗu a kowace rana. Mazauna gida su ne shaidun wannan, domin sun san daren da suka kwana da ƙarar inji da wanda wutar gwamnati ta tsaya. In unguwar tana rukunin Band A, wanda hukumar NERC ta ƙara wa kuɗin wuta a watan Afrilun 2024 bisa alkawarin aƙalla awa 20 a rana, kuma ana samun wutar yadda aka ce, to awa huɗu ita ce iyakar abin da ya kamata injin ya yi.

Sai a raba lita da awa. Lita 27,000 a awa 1,500 na nufin lita 18 a kowace awa. Janareta mai ƙarfin kVA 100, irin wanda ake yawan gani a bene mai wannan girma, yakan sha wajen lita 12 zuwa 13 a awa in yana ɗauke da rabin nauyinsa, ya kai wajen 17 zuwa 18 in nauyin ya kai kashi uku cikin huɗu. Kamfanin da ya ƙera injin yana buga waɗannan alkaluma a takardar bayaninsa, ana iya nemanta da lambar samfurin da ke jikin injin. To, bene mai gidaje 10 da mutane a ciki, da wuya a ce ya ɗora wa inji kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa dare da rana, bazara da damina da hunturu. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da kowa ya kunna na'urar sanyaya ɗaki, hakan na iya faruwa. A lokacin sanyi kuwa nauyin kan faɗi ƙasa sosai. In muka ɗauki lita 13 a matsayin matsakaici, abin da injin ya sha lita 19,500 ne. Saura lita 7,500 da ba a ga inda suka shiga ba, kuɗinsu naira miliyan 9.

Kada wannan giɓi ya sa a yi saurin kiran wani ɓarawo. Tsohon inji da ya daɗe bai ga gyara ba yakan sha fiye da abin da takardarsa ta ce. Injin da ya fi ƙarfin gidan, yana gudu da ɗan nauyi kaɗan, shi ma yana ɓarnar mai. Akwai kuma man da ya rage a tanki ranar da aka rufe lissafi, wanda an biya kuɗinsa amma ba a ƙona shi ba, ya kamata a cire shi a kai shi shekara mai zuwa. Sau da yawa kuma manajan da kansa aka cuta: mai kawo mai ya rubuta lita 3,000, abin da ya sauke bai kai ba, babu wanda ya tsoma sandar awo a tanki kafin a sauke da bayan an sauke. Duk da haka, waɗannan dalilai sukan bayyana bambancin da bai taka kara ya karya ba. Giɓin da ya haura kashi ɗaya cikin huɗu na duk man da aka saya yana bukatar takardu: rasit na kowane saye, takardar sauke mai da sa hannun wanda ya karɓa, da littafin ɗakin inji.

Agogon nan zai sake amfani a layin sabis. Yawancin injunan dizal irin waɗannan ana canza musu baƙin mai da matatu bayan kowace awa 250. Awa 1,500 na bukatar sabis shida. In takarda ta nuna 12, wato ɗaya a kowane wata, sai a nemi takardun kanikawa a ga lambar agogon da aka rubuta a kowanne.

Akwai abu guda game da ladan manaja da mutane ba su cika lura da shi ba. Tun da kaso ne na jimillar abin da aka kashe, duk ƙarin da ya shiga wani layi yana ƙara masa nasa. Miliyan 9 ɗin da ake shakka a kansu sun jawo ƙarin naira dubu 900 a ladan. Saboda haka in an gyara layin mai, a tabbata an sake lissafin ladan. Ni na fi ganin dacewar a yanka wa manaja tsayayyen lada a shekara, domin tsarin kaso yana saka wa wanda ya fi kashe kuɗi, ko da mutumin kirki ne.

Sai batun wanda ya kamata ya biya me. Fentin bangon waje, canza rufi, haƙa sabuwar rijiyar burtsatse ko sayen sabon janareta abubuwa ne da ke ƙara wa gini daraja, mai gida ne zai ci moriyarsu bayan ɗan haya ya tashi. In yarjejeniyar haya ba ta ambace su cikin hidima ba, ɗan haya na da hujjar cewa a cire su. Haka ma gidaje biyun da babu kowa. Albashin masu gadi, a ce naira miliyan 3 da dubu 600, in an raba shi gida 12 kowa zai biya dubu 300, in an raba shi gida 10 ya zama dubu 360. Masu gadin dukan ginin suke tsaro har da ɗakunan da ke kulle, don haka adalci shi ne mai gida ya ɗauki kason gidajensa da ba su sami masu haya ba. Man dizal dabam ne, tun da gidan da ke kulle ba ya jan wuta. Layin ƙananan abubuwa kuwa, in ya kai miliyoyi, ya daina zama ƙarami, a nemi a jera abin da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya.

Wani zai ce, da wane iko ɗan haya zai nemi duk wannan? A Jihar Legas doka ta yi magana ƙarara. Sashe na 10 na Dokar Haya ta 2011 ya wajabta wa mai gida ko wakilinsa ya ba da rasit na dabam kan kuɗin hidima, ya kuma ba ɗan haya haƙƙin samun rubutaccen bayanin yadda aka kashe kuɗin aƙalla duk bayan wata shida. Sai dai dokar ta ware Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island, ba ta aiki a cikinsu. A waɗannan unguwanni, da ko'ina ma, takardar da ɗan haya zai fara buɗewa ita ce yarjejeniyar da ya sa wa hannu. A duba ko ta jera ayyukan da kuɗin ya ƙunsa, ko ta faɗi yadda ake rabo, ko kuma ta ce abin da ake biya a farkon shekara ajiya ce da za a daidaita da ainihin abin da aka kashe. Wannan na ƙarshe yana da nauyi, domin in ajiya ce, rarar da ta rage ta masu haya ce.

A yi tambayar a rubuce, kuma a yi ta a taron dangi, domin wasiƙar da gidaje takwas suka sa wa hannu ba a jefa ta aljihun tebur kamar ta mutum ɗaya. Ba sai an yi zafi ba. Ya isa a rubuta cewa: “Ranka ya daɗe, mun ga takardar kuɗin hidima, mun gode. Muna roƙon kwafin rasit na man dizal, da lambar agogon janareta ta farko da ƙarshen shekara, da bayanin yadda aka raba kuɗin tsakanin gidaje 12, nan da mako biyu.” Kafin amsa ta zo, kada a daina biya gaba ɗaya, domin hakan na iya zama saɓa yarjejeniya, ya ba wa ɗaya ɓangaren hujja. Ya fi aminci a biya abin da babu saɓani a kansa, a rubuta dalilin riƙe sauran, kuma in kuɗin da yawa a ji ta bakin lauya tukuna. In manajan ƙwararren mai kula da gidaje ne mai rajista, ana iya kai ƙorafi ga ƙungiyarsu ta NIESV, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Domin shekara mai zuwa, mazauna gida su wakilta mutum biyu da za su riƙa ɗaukar hoton agogon janareta ranar ɗaya ga kowane wata, kuma ɗayansu ya tsaya a bakin tanki da sandar awo duk ranar da motar mai ta zo saukewa.