Idan murya ta saɓa da motsin leɓe a bidiyo: a fara auna tazarar kafin gyara

Sau da yawa akan ɗauki bidiyon taro ko na tallan haja, a tace shi a kwamfuta, ko a sauya masa tsari domin ya yi sauƙin turawa, sai a tarar bakin mai magana yana motsi muryarsa kuma tana biyowa daga baya. Abin da akasari ake yi shi ne a ja layin sauti gaba ko baya har farkon bidiyon ya daidaita, a fitar da shi, sannan a gano cewa ƙarshensa ya fi da lalacewa. Dalili kuwa shi ne saɓanin nan iri uku ne, kuma jan sauti iri ɗaya kaɗai yake magancewa.

Kafin a taɓa komai, a tabbatar laifin na fayil ɗin ne. Abin sauraro da ke aiki da Bluetooth yakan jinkirta sauti da kansa, don haka a cire shi a saurara ta lasifikar na'urar. Daga nan a nemi wurare uku, ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya dab da ƙarshe, inda ake ganin abu ana kuma jin ƙararsa a take, kamar tafi, ko rufe ƙofa, ko kalmar da ta fara da harafin b ko m, wadda leɓɓa ke haɗuwa wajen furta ta. Manhajar VLC tana sauƙaƙa awon: maɓallin k yana jinkirta sauti da kashi 1 cikin 20 na sakan a kowane dannawa, maɓallin j kuma yana gaggauta shi. A ƙirga dannawar da aka yi kafin murya ta hau kan leɓe a kowane wuri, a rubuta. Wannan awo ne kawai, domin VLC ba ta adana gyaran a cikin fayil ɗin da kanta.

Idan tazarar ɗaya ce a duka wuraren uku, an yi sa'a. Sautin ya fara ne a makare ko da wuri, amma tafiyarsa daidai take da ta hoto. A manhajar tacewa, a raba sauti da hoto, a matsar da sautin gwargwadon abin da aka auna. Mai amfani da FFmpeg, wadda kyauta ce, yana iya yin haka ba tare da rage ingancin hoto ba. Ga umarnin da ke jinkirta sautin da ya riga hoto da sakan 0.4:

```
ffmpeg -i taro.mp4 -itsoffset 0.4 -i taro.mp4 -map 0:v -map 1:a -c copy gyara.mp4
```

In sautin ne ya makara, sai a sauya zuwa `-map 1:v -map 0:a`, domin jinkirin ya faɗa kan hoto.

Iri na biyu shi ne wanda ya fi ruɗa mutane: farko lafiya lau, amma tazarar na ƙaruwa a hankali, ta tsakiya rabin ta ƙarshe. Bidiyo jerin hotuna ne da ake nunawa a guje, ana kiran kowane ɗaya firam, kuma fayil yakan faɗi adadin da za a nuna a sakan guda. Sauti kuwa agogonsa daban. Idan manhaja ta karanta adadin nan ba daidai ba, hoto zai yi ta gudu fiye da sauti, ko ya yi ta jan ƙafa, kuma kowane minti yana ƙara nasa kason a kan na baya.

A ɗauki misalin bidiyon taron ma'aikata mai tsawon minti 40. A farko babu tazara, a minti na 20 murya ta makara da sakan 1.2, a ƙarshe kuma da sakan 2.4. Minti 40 sakan 2,400 ne, kuma idan aka raba 2.4 da 2,400 za a sami kashi 1 cikin 1,000. Wannan adadi kamar sa hannu yake. Kyamarori da yawa da ke cewa suna ɗaukar firam 30 a zahiri 29.97 suke ɗauka, gadon tsarin talabijin mai launi na Amurka, kuma bambancin 30 da 29.97 kashi 1 cikin 1,000 ne, wato sakan 3.6 a kowace awa. Ke nan wata manhaja ta kunna hotunan 29.97 da gudun 30, hoton ya riga sauti ƙarewa. Gyara mafi tsabta shi ne a koma fayil na asali, a saita aikin tacewa a kan 29.97, a sake fitarwa. In asalin ya ɓace, sai a ƙara wa sauti gudu daidai da kason:

```
ffmpeg -i taro.mp4 -c:v copy -af atempo=1.001 -c:a aac gyara.mp4
```

Tacen `atempo` yana sauya tsawon sauti ba tare da ya siranta murya ba, kuma babu kunnen da zai ji sauyi ƙanƙani irin wannan. Da sautin ne ke gaba, da 0.999 za a sa. Lissafin bai canzawa ko da wani ne sanadin, misali sautin da aka ɗauka da na'ura daban wadda agogonta ya ɗan saɓa da na kyamara. Amma idan tazarar ta kai kusan minti biyu da rabi a awa, to an gauraya firam 24 na finafinai da 25 na talabijin irin namu ne, kuma a nan komawa asali ya fi miƙa sauti nesa ba kusa ba.

Iri na uku ba ya bin lissafi. Tazarar takan ƙaru, ta tsaya, wani lokaci ma ta ragu. Wannan kusan kullum aikin wayar hannu ne ko manhajar ɗaukar fuskar kwamfuta. Waya ba ta riƙe adadin firam guda: idan haske ya yi ƙasa ko ta ɗauki zafi, sai ta rage, sannan ta rubuta wa kowane firam lokacinsa. Shi ya sa bidiyon ke tafiya daidai a cikin wayar, amma ya rikice a manhajar tacewa da ta ɗauka tazarar kowane firam da na bayansa ɗaya ce. Ana tabbatar da haka da manhajar MediaInfo: idan a gaban Frame rate mode an ga Variable, an kama ɓarawon.

A nan miƙa sauti ɓata lokaci ne, domin gyara wani wuri ɓata wani ne. Maganin yana kan fayil ɗin da ya fito daga waya, kafin a yanka shi. A buɗe shi a HandBrake, a shiga sashen Video, a zaɓi 30 a Framerate (ko 25, in da shi sauran hotunan aikin suke), a danna Constant Framerate. Manhajar za ta maimaita wasu hotunan, ta zubar da wasu, har kowane sakan ya sami adadi ɗaya, sauti kuma ya zauna inda yake. Sabon fayil ɗin ne za a kai wurin tacewa. Tun da sauyin yana sake matse hoto, a bar ingancin a sama. Lamba 18 zuwa 20 a ma'aunin RF ta wadatar. Bidiyon da aka riga aka tace aka fitar a rikice ba ya gyaruwa ta wannan hanya, saboda kuskuren ya riga ya zauna a cikinsa, sai dai a sake tacewa, ko a yanka shi gunduwa-gunduwa a daidaita kowace da hannu.

Wanda zai ɗauki taro mai tsawo, musamman idan sauti na shiga wata na'ura daban, ya sa a yi tafi ɗaya mai ƙarfi a gaban kyamara bayan an kunna, a kuma yi wani kafin a kashe. A layin sauti tafin kan fito kamar tsini, a hoto kuma ana ganin firam ɗin da tafukan suka haɗu, don haka tazarar farko da ta ƙarshe za su aunu ba tare da kintace ba.